Rajistar aikin ɗan littafin lissafin zango a Tahoua: gudu, yawan kaɗawa da tsawon zango

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau na fara gwada shafukan farko na ɗan littafin atisayen da nake rubutawa da Hausa domin ɗaliban ajin ƙarshe na lise, a kan alaƙar da ke tsakanin gudun zango da yawan kaɗawarsa da tsawonsa. Ɗalibai 22 ne suka yarda su riƙa zuwa kowace Asabar da safe, kuma a wannan rajista zan riƙa rubuta abin da ya yi kyau da abin da ya lalace, domin in gyara littafin kafin a buga shi.

Kalmomi ne suka fara tsayar da ni. Da zango ina nufin kaɗawar da ke tafiya daga wuri zuwa wuri, irin ta sauti da haske da rediyo. Na kira nisan da ke tsakanin tudu ɗaya na zango da tudun da ke biye da shi tsawon zango, alamarsa λ, ana auna shi da mita. Na kira adadin kaɗawar da ake yi cikin sakan ɗaya yawan kaɗawa, alamarsa f, ana auna shi da haz, wanda ake rubutawa Hz, daga sunan Bajamushe Heinrich Hertz. Gudu kuwa shi ne v, mita cikin sakan. Na guji kalmar daƙiƙa da gangan, saboda wasu suna nufin sakan da ita, wasu kuma minti. Lambobi na rubuta su yadda muke yi a makarantun Nijar, wato waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta.

Ƙa'idar kanta ban ba su ita a matsayin abin hadda ba. Na sa wani yaro ya taka daga ƙofa zuwa allo, muka auna takunsa muka sami mita 0,75, yana kuma yin taku biyu cikin sakan ɗaya, kowa ya ga cewa yana cin mita 1,5 a kowane sakan. Zango ma haka yake tafiya, domin duk kaɗawa ɗaya tana ciyar da shi gaba da tsawon zango ɗaya, saboda haka v = f × λ. Babu wanda ya yi gardama a kan wannan.

Daga nan na ba su tambaya ɗaya tak: tashar rediyo tana watsa shirye-shiryenta a kan 100 MHz, zangon rediyo yana gudun haske, wato 3 × 10⁸ m/s, mene ne tsawon zangon? Bakwai suka sami mita 3, wadda ita ce amsa. Goma sha ɗaya suka raba 3 × 10⁸ da 100 kai tsaye ba su mai da megahaz zuwa haz ba, suka sami mita 3 000 000, wato kilomita 3 000, fiye da tafiyar Tahoua zuwa Yamai sau biyar, kuma babu ɗaya daga cikinsu da amsar ta ba shi mamaki. Sauran huɗun sun rubuta mita 100 ba tare da wani lissafi ba, da na tambayi dalili wata ɗaliba ta ce, “Mushe, ai masu rediyo da kansu suna cewa suna kan mita kaza a zangon FM.” Gaskiya ta faɗa, haka ake sanarwa, kuma wannan kuskure ba shi da wuri a tsarin da na yi wa littafin.

Asabar, 18 ga Janairu 2025

Mun fita fili da igiyar guga mai tsawon mita 6, muka ɗaure bakinta ɗaya a jikin bedi, wani ɗalibi ya riƙe ɗayan yana kaɗawa sama da ƙasa, wani kuma yana riƙe da agogon waya. Idan kaɗawar ta yi daidai, igiyar takan kasu ciki biyu masu kumbura da wuri ɗaya a tsakiya wanda ba ya motsi, kuma ciki biyu su ne tsawon zango ɗaya, wato λ mita 6 ke nan. Mun ƙirga kaɗawa 20 cikin sakan 10, f ya zama 2 Hz, gudu ya fito 12 m/s. Da mai kaɗawar ya ƙara sauri har igiyar ta kasu ciki uku, kowane ciki ya zama mita 2, tsawon zango ya koma mita 4, ƙirga ta ba mu kaɗawa 30 cikin sakan 10, wato 3 Hz, gudu ya sake fitowa 12 m/s.

Abin da nake so su gani ke nan da idonsu. Hannu ne ke yanke yawan kaɗawa, igiya ce ke yanke gudu ta wurin nauyinta da yadda aka ja ta, tsawon zango kuwa abin da ya fito daga biyun ne. Da yawa daga cikinsu sun yi tsammanin ƙara saurin hannu zai ƙara gudun zangon, domin a rubuce v = f × λ yana kama da cewa idan f ya ƙaru v ma zai ƙaru, alhali λ ne ke raguwa. Sai da muka ƙara jan igiyar sosai gudun ya canza.

Lambobin ba su fito sumul haka tun farko ba. Mai ƙirga yana cewa “ɗaya” a daidai lokacin da aka danna agogo, kafin a gama kaɗawar farko, saboda haka kaɗawa 19 yake ƙirgawa yana kiranta 20. Mun gyara da fara ƙirga daga sifili, na kuma sa wannan gargaɗi a gefen shafi na uku.

Asabar, 1 ga Fabrairu 2025

Maganar “mita” ta hana ni sakewa, shi ya sa a cikin makon nan na je kasuwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, na roƙe shi aron tsohon akwatin rediyo mai allura. A fuskar akwatin, a layin gajeren zango, an buga lambobi iri biyu: a sama megahaz, a ƙasa kuma 49 m, 41 m, 31 m, 25 m, 19 m da 16 m. Na ce masa, “Baba, waɗannan mitocin fa, me suke aunawa?” Ya ce tsawon zangon ne, kuma tun yana yaro ubangidansa ya koya masa cewa idan aka raba 300 da lambar megahaz, mitocin ne ke fitowa. Da wannan lissafi yake yanka eriya: ga tasha mai 100 MHz zango mita 3 ne, rubu'insa santimita 75, kuma kusan tsawon sandar eriyar da ake zarowa daga akwatin ke nan.

Yau na kai akwatin aji muka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. A inda aka rubuta 19 m allura tana kan wajen 15,4 MHz, wato 15,4 × 10⁶ Hz, kuma idan aka raba 3 × 10⁸ da wannan ana samun mita 19,5. A wajen 11,9 MHz mun sami mita 25,2, a wajen 7,2 MHz kuma mita 41,7. Ɗalibai suka lura da kansu cewa lambobin sama suna hawa ta gefe ɗaya, na ƙasa suna sauka ta wannan gefen, domin abin da ake samu idan an ninka su ba ya canzawa. Lambar 300 ta dattijon ma ba sihiri ba ce, 3 × 10⁸ ne aka raba da 10⁶ na mega tun da wuri.

A ganina daga nan ruɗanin ya samo asali. Lokacin da iyayenmu suke kama sassan Hausa na tashoshin waje a gajeren zango, mai sanarwa yana cewa mita 19 ko mita 25, kuma mitoci ne na gaske. Da tashoshin FM suka zo, waɗanda ke tsakanin 87,5 da 108 MHz, sai kalmar ta bi lambar da ke fuskar rediyo, aka ci gaba da cewa mita ga abin da megahaz ne. Duk tashar FM tsawon zangonta yana tsakanin mita 2,8 da mita 3,4, ko da mai sanarwa ya ce mita casa'in da wani abu. Ba ni da niyyar gyara wa masu rediyo bakinsu, amma a cikin littafin na ware shafi guda ga wannan, na kuma hana kaina amfani da kalmar mita a ko'ina sai ga tsawo.

Lissafin dattijon yana da iyaka wadda dole in rubuta da manyan baƙaƙe: ga zangon da ke gudun haske kaɗai yake aiki, kuma sai lambar tana cikin megahaz. Tun kafin a tashi wani ya yi amfani da shi a kan sauti, ya sami amsar da ba ta da kai.

Asabar, 15 ga Fabrairu 2025

Zaman yau na haske ne, kuma shi ne mafi wahala zuwa yanzu. Tambayar ita ce: jan haske mai tsawon zango 650 nm, mene ne yawan kaɗawarsa? Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, saboda haka λ = 650 × 10⁻⁹ m, kuma f = v ÷ λ. A takarda kusan kowa ya rubuta wannan daidai, amma amsoshin da suka fito daga kalkuleta sun kasu gida biyu: wasu 4,6 × 10¹⁴ Hz, wasu kuma 4,6 × 10⁻⁴ Hz. Na zaga ina duba yatsunsu, na ga bambancin yana wurin baka biyu.

```
3×10^8÷650×10^-9      → 4,6×10^-4
3×10^8÷(650×10^-9)    → 4,6×10^14
```

Kalkuleta tana bin rabawa da ninkawa daga hagu zuwa dama, saboda haka a layin farko ta raba da 650 sannan ta ninka da 10⁻⁹, alhali rabawa ya kamata ta yi da shi ma. Lambar 4,6 ta fito daidai a duka biyun, abin da ya sa masu kuskuren suka natsu da amsarsu. Na tambaye su ma'anar 4,6 × 10⁻⁴ Hz, muka juya ta zuwa lokacin kaɗawa ɗaya, T = 1 ÷ f, muka sami wajen sakan 2 170, wato haske yana kaɗawa sau ɗaya cikin minti 36, ya fi igiyar gugarmu nawa nesa ba kusa ba. Dariyar da aka yi ta fi duk wani bayani nawa amfani.

Daga yau na sa doka a littafin cewa kafin a taɓa kalkuleta sai an yi ƙiyasi da ka. A wannan tambaya, 650 × 10⁻⁹ daidai yake da 6,5 × 10⁻⁷; 3 a raba da 6,5 ya kusa rabi; 10⁸ a raba da 10⁻⁷ ya ba da 10¹⁵; rabin 10¹⁵ kuwa 5 × 10¹⁴ ne. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai karɓi amsa mai alamar ragi a saman goma ba. Na kuma ƙara ɗan jeri na abubuwan da aka sani domin gwada amsa: zangon FM ya kai tsawon ɗaki, na wayar salula mai 900 MHz santimita 33 ne, haske da ido ke gani yana tsakanin wajen 400 da 700 nm.

Asabar, 8 ga Maris 2025

Azumi ya kama, mutum 13 kaɗai suka zo, muka taƙaita zaman zuwa awa ɗaya. Tambaya ɗaya muka yi, wadda na shirya ta da tarko biyu: sauti yana gudun kilomita 1 224 cikin awa, lokacin kaɗawarsa ɗaya 2,5 ms ne, a nemo f da λ. Kilomita mita 1 000 ce, awa kuma sakan 3 600, saboda haka ana raba 1 224 da 3,6 a sami 340 m/s. Milisakan 2,5 shi ne sakan 0,0025, f ya zama 1 ÷ 0,0025, wato 400 Hz, λ kuma 340 ÷ 400, wato mita 0,85. Tara sun samu. Biyu sun ninka da 3,6 maimakon rabawa, sai na tuna musu cewa motar da ke gudun kilomita 72 cikin awa mita 20 take ci a sakan, lambar mita cikin sakan ita ce ƙarama kullum. Ɗaya ya karanta ms a matsayin mita cikin sakan, wanda laifin rubutun hannuna ne a allo, domin layin da ke cikin m/s ba ya fitowa idan na rubuta shi, sai ya yi kama da ms na milisakan.

Asabar, 5 ga Afrilu 2025

Mun dawo bayan Sallah, kuma yau ni ne aka kama da kuskure. A shafi na tara na rubuta tambaya kan ruwa a cikin baho: ana taɓa ruwan sau 8 cikin sakan, hoto ya nuna tudu biyar a jere, daga na farko zuwa na biyar santimita 12, a nemo gudu. A takardar amsoshi na raba 12 da 5 na sami santimita 2,4. Ɗalibar nan da ta yi maganar masu rediyo ta ɗaga hannu ta buɗe tafinta ta ce, “Mushe, yatsu biyar ne, amma tsakaninsu huɗu ne.” Haka yake. Tsawon zango tazara ce tsakanin tudu da tudu, saboda haka 12 za a raba da 4, λ ya zama santimita 3, wato mita 0,03, gudu kuma 8 × 0,03, wato 0,24 m/s. Kuskuren ƙirgar igiya ne ya dawo da wata riga, kuma ni da na rubuta gargaɗin a shafi na uku na faɗa cikinsa a shafi na tara. Na gyara, na kuma bar hoton tafin hannu a gefen tambayar.

Sauran lokacin mun ba da shi ga abin da ke faruwa idan zango ya bar wani abu ya shiga wani. Sauti mai 440 Hz a cikin iska, da gudun 340 m/s, tsawon zangonsa mita 0,77 ne. Idan ya shiga ruwa, inda gudun sauti ya kai wajen 1 480 m/s, tsawon ya koma mita 3,36. Rabin ajin sun riƙe λ yadda yake suka canza f, suka sami wajen 1 900 Hz. Na bayyana musu cewa fuskar ruwan iska ce ke bugunta, kuma idan an buge ta sau 440 cikin sakan ba ta da yadda za ta kaɗa sau 1 900, domin ba ta da inda za ta samo ragowar bugun. Abin da ya fito daga tushe shi ne f, ba ya canzawa a kan iyaka. Haske ma haka ne, sai dai shi raguwa gudunsa ke yi a ruwa, zuwa wajen 2,26 × 10⁸ m/s, jan hasken nan mai 650 nm ya koma wajen 489 nm, yawan kaɗawarsa yana nan 4,6 × 10¹⁴ Hz.

Akwai abin da na yi shakkar sa shi a littafin, daga baya na sa shi a ƙasan shafi. Maganar da na yi a fili cewa gudu bai dogara da yawan kaɗawa ba ta yi daidai ga igiya da sauti a iska da haske a sarari, amma a fuskar ruwa gudun yana canzawa da tsawon zango, haka ma haske a cikin gilashi, abin da ke rarraba farin haske zuwa launuka. Ƙa'idar v = f × λ tana nan daram a ko'ina, sai dai ba a ɗaukar gudun da aka samu a bahon da kaɗawa 8 a yi aiki da shi ga kaɗawa 20.

Asabar, 26 ga Afrilu 2025

Zafi ya kai inda ya kai, ma'aunin da na rataye a inuwar baranda ya nuna digiri 42 da rana tsaka. Wani ɗalibi ya tambaya ko 340 m/s ɗin da muke ta amfani da shi yana nan a irin wannan rana, na ji daɗin tambayar domin amsar ita ce a'a. Gudun sauti a iska wajen 331 m/s ne a digiri sifili, yana kuma ƙaruwa da wajen 0,6 m/s a kowane digiri, saboda haka 340 na digiri 15 ne, irin sanyin asubar Janairu lokacin da muka fara wannan aiki. A digiri 42 lissafin ya ba da 331 + 0,6 × 42, wato wajen 356 m/s, tsawon zangon sautin 440 Hz ya tashi daga mita 0,77 zuwa mita 0,81. Shawarar da na rubuta ita ce a jarrabawa a yi aiki da gudun da aka bayar a tambaya, idan kuma an ba da zafin iska to a lissafa gudun tukuna. Na kuma hana kwafe duk lambobin da ke fuskar kalkuleta, domin wanda ya rubuta 0,772727 alhali zafin rana kaɗai yana motsa amsar da santimita huɗu yana da'awar sanin abin da bai auna ba. Lambobi biyu ko uku masu ma'ana sun isa.

Na rufe zaman da gwaji mai tambaya ɗaya wadda ba su taɓa gani ba: na'urar hoton ciki ta asibiti tana aika sauti mai 3,5 MHz, gudun sauti a naman jiki wajen 1 540 m/s ne, a ba da tsawon zango cikin milimita. Ana raba 1 540 da 3,5 × 10⁶ a sami 4,4 × 10⁻⁴ m, wato milimita 0,44. Cikin mutum 20 da suka zo, 15 sun samu. Uku sun ga megahaz sai hannunsu ya tafi ga 300 na dattijon kasuwa, suka sami wajen mita 86, kuma ɗaya daga cikinsu ya rubuta a gefe cewa amsar ba za ta yiwu ba domin ta fi mai cikin tsawo, amma bai gano inda ya kauce ba. Biyu sun sami 4,4 × 10⁻⁴ daidai suka ɓata wurin mai da mita zuwa milimita, suka raba da 1 000 maimakon ninkawa.

Saboda waɗannan ukun zan ɗauke shafin lissafin 300 daga farkon littafin in mai da shi bayan babin sauti, in kuma sa tambayar asibitin nan a ƙarƙashinsa kai tsaye. Juya mita zuwa milimita da santimita yana bukatar atisaye shida na kansa, waɗanda ban rubuta ba tukuna. Akwatin rediyon dattijo yana nan a ɗakina tun Fabrairu, ranar Lahadi zan mayar masa.